Katin Bashi: Yadda Biyan Mafi Ƙaranci Ke Mai da Bashin Wata Guda Na Shekara Ashirin

Duk ƙarshen wata, wanda yake riƙe da katin bashi a Amurka ko Birtaniya yakan sami takardar lissafi daga bankinsa, ko dai ta gidan waya ko ta wayar hannu. Lambobi biyu ne suke da muhimmanci a jikinta. Ta farko ita ce jimillar abin da banki yake bin sa. Ta biyu ƙarama ce ƙwarai, an rubuta "Minimum Payment Due" a gefenta, ita ce mafi ƙarancin abin da zai biya a wannan watan banki ya ƙyale shi. Mutumin da ake bi dala 5,000 zai iya ganin dala 150 a wannan gurbi. In ya biya ta, ba tara, ba kiran waya, ba wanda zai ɓata masa suna a wurin masu ba da rance. A idon banki ya cika alkawari. Matsalar ita ce in ya ci gaba da cika alkawarin ta wannan hanya, zai kusa shekara ashirin yana biyan bashin nan.

Sai mu fara bambance katin, domin yawancin katunan da ke aljihun mutane a Kano ko Maraɗi na cirar kuɗi ne. Da irin wannan kati, kuɗinka kake taɓawa, in asusu ya bushe kati ya tsaya. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, har zuwa wata iyaka da aka yanka maka, sannan a aiko maka da lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka sa, ba a ɗora maka ko sisi a kan sayayyar da ka yi. In ka biya wani ɓangare, ragowar ta tsallaka wata mai zuwa da kuɗin ruwa a kanta. Wannan tsari na tsallakar da bashi daga wata zuwa wata ya bazu ne daga katin da Bankin Amurka ya fara rabawa a garin Fresno na jihar Kalifoniya a 1958, wanda daga baya ya zama Visa. A 2023 jimillar bashin kati a Amurka ta haura dala tiriliyan ɗaya, matsakaicin kuɗin ruwansa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. ’Yan uwanmu da suka tafi can karatu ko neman abinci suna cikin wannan tsari tsundum, domin da wuya mutum ya sami hayar gida ko rancen mota ba tare da tarihin biyan bashi ba, kati kuwa shi ne hanyar da aka fi bi wajen gina wannan tarihi.

To yaya ake fitar da wannan ƙaramar lamba? Bankuna sun sha bamban, amma hanyar da ta fi yawa a yau ita ce a haɗa kuɗin ruwan watan, da duk wata tara da ta hau, sannan a ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na uwar kuɗin. Akwai kuma wani ƙasa da ba a sauka ƙarƙashinsa, misali dala 25 ko sama da haka kaɗan. Kashi ɗayan nan shi kaɗai ne yake rage bashi. Sauran duka ladan banki ne na ya bar maka kuɗinsa wata guda.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani direban tasi a Shikago motarsa ta lalace, ya yi gyara da katinsa, ya haɗa da wasu buƙatun gida, bashi ya tashi dala 5,000. Kuɗin ruwan katin kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, wato kashi 2 a wata in aka sauƙaƙa lissafin. Ya yi rantsuwa ba zai sake sayen komai da katin ba, ya kuma cika. Kowane wata yana biyan mafi ƙarancin da aka rubuta masa, bai taɓa makara ba.

A watan farko kuɗin ruwa dala 100 ne, kashi ɗaya na uwar kuɗi kuma dala 50. Ya biya 150, bashi ya koma 4,950. A wata na biyu ruwan ya zama dala 99, kashi ɗayan ya zama 49 da rabi, sai aka nemi ya biya 148 da rabi. Ga inda ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Abin da ake nema a hannunsa ya ragu. Wata na uku zai sake raguwa, haka na huɗu. Shi direban zai ji daɗi, yana ganin nauyi na sauka. Amma ba ruwan kaɗai ne ya ragu ba, har abin da yake cirewa daga uwar kuɗin ma ya ragu. Jiya ya cire 50, yau 49 da rabi, gobe ƙasa da haka. Duk lokacin da bashin ya ɗan sauka, saurin saukarsa ma sai ya ragu.

Bayan shekara guda ya fitar da kimanin dala 1,700 daga aljihunsa. Bashin da ya rage kuwa kimanin 4,430 ne. Wato a cikin kowace dala uku da ya biya, biyu sun tafi ruwa, ɗaya ce ta taɓa bashin. Wannan rabo ba ya canjawa muddin yana kan wannan tsari, domin ruwan kashi 2 ne, ragin kashi 1. Sai ya shekara biyar da wata tara kafin bashin ya koma rabi. Bayan shekara goma cur, ana bin sa kusan dala 1,500, abin da ake nema a wata kuma ya sauko kusa da dala 45, kuɗin da ba zai ma ji fitarsu ba. A lokacin, motar da aka gyara wataƙila ta daɗe da zama kwangiri.

Da a ce babu wancan ƙasa na dala 25, bashin ba zai taɓa kaiwa sifili ba, domin kullum kashi ɗaya na abin da ya rage ake cirewa, kullum kuma akwai saura. Ƙasan ne yake kawo ƙarshen labarin. Idan bashin ya sauko wajen dala 830, a kusan shekara ta goma sha biyar, lissafin ya daina raguwa, ya tsaya a 25. Daga nan sai a ƙara wasu shekara huɗu da rabi da ɗoriya. Gaba ɗaya kimanin shekara goma sha tara da rabi ke nan. Kuɗin ruwan da ya biya ya kusa dala 8,900, a kan bashin 5,000. Jimillar abin da ya fita daga hannunsa ta kusa 13,900. Wannan kuwa mutum ne da bai yi laifin komai ba: bai makara ba, bai ƙara cin bashi ba, ya bi abin da takarda ta ce masa.

Yanzu mu canja abu ɗaya tak. A ce direban nan ya duba dala 150 ta watan farko ya ce, tunda na iya biyan wannan, ita zan riƙa biya har in gama, ko me takarda ta rubuta. Bai ƙara ko dala ɗaya a kan abin da ya riga ya nuna zai iya ba. A wata na biyu ruwa 99 ne, don haka 51 ta shiga uwar kuɗi, ba 49 da rabi ba. Wata na uku 52 da ’yan kai. Yanzu lissafin ya juya yana yi masa aiki: duk abin da ruwa ya sassauta, ragin bashi ne yake cinyewa. Cikin wata 56, wato shekara huɗu da wata takwas, ya gama. Ruwan da ya biya kimanin dala 3,300 ne. Bambancin ya kusa shekara goma sha biyar da fiye da dala 5,500, kuma ba daga ƙarin samu ya fito ba, daga ƙin bin lambar ne lokacin da take sauka. In da zai iya kai biyan dala 196 a wata, shekara uku ta ishe shi, ruwan kuma bai fi 2,060 da kaɗan ba.

A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a sani a duk maganar. Mutane sukan ɗauka girman kuɗin ruwa ne kaɗai yake tsawaita bashin kati. Ruwan yana da tsada, ba shakka, amma rancen mota ma yana da ruwa, kuma yana ƙarewa a shekara biyar, saboda abin da ake biya a wata tsayayye ne, an kuma san ranar gamawa tun farko. Kati ba shi da ranar gamawa. Biyan da ke raguwa tare da bashin shi ne abin da ke jan shekarun.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa a nan, don kada a wuce gona da iri. A misalinmu na farko bashin bai ƙaru ba, raguwa yake yi, sai dai a hankali. Tunda direban yana biyan ruwan kowane wata, ruwan bai samu ya taru ya haifi wani ruwan mai yawa ba. Ɗan abin da ake samu na ruwa kan ruwa yana faruwa ne a cikin watan, domin bankuna da yawa kullum suke lissafi: su raba kashi 24 ɗin gida 365, su ɗora na yau a kan bashin, gobe su yi lissafi a kan sabon jimilla. Ta haka kashi 24 da aka rubuta a ƙarƙashin "APR" yakan zama kusan 27 a zahiri in an bar shi shekara. To a ina ne bashin yake kumbura na gaske? Ta ƙofa uku ne, kuma yawancin masu biyan mafi ƙaranci suna da aƙalla ɗaya a buɗe.

Ta farko, wadda ta fi kowacce kama mutane, ita ce ci gaba da sayayya. Mun ɗauka direbanmu ya ajiye katin, amma wanda bai iya biyan fiye da mafi ƙaranci ba yawanci mutum ne da samunsa bai kai ƙarshen wata ba, katin kuma shi ne yake cike giɓin. Ka tuna dala 50 kawai yake ragewa a wata. In ya sha man mota na dala 50 da katin, ya shafe ragin gaba ɗaya, ya biya 150 bashi yana nan inda yake. In dala 100 yake kashewa a wata, bashin hawa zai riƙa yi duk da yana biya ba fashi. Bayan shekara biyar zai haura dala 7,200, abin da ake nema a wata ya kusa 220, kuma zai ci gaba da matsawa wajen dala 10,000, inda kashi ɗayan da ake cirewa zai yi daidai da ɗarin da yake ƙarawa. Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Rangwamen kwanakin da ba a ɗora ruwa a kan sabuwar sayayya na wanda ya biya duka ne a watan da ya wuce. Da zarar ka tsallakar da bashi, rangwamen ya faɗi, burodin da ka saya yau da safe yau ɗin ruwa zai fara hawa kansa.

Ta biyu ita ce makara. In wata guda ya kuɓuce, ruwan da ba a biya ba yakan shiga cikin bashin, tarar makara ta biyo shi, sannan a lissafa ruwan wata mai zuwa a kan su duka. A Amurka, in makarar ta wuce kwana sittin, banki yana da damar ɗaga kuɗin ruwan tsohon bashin zuwa na hukunci, wanda yakan kusa kashi 30. In kuwa aka daina biya ɗungurungum, kashi 2 a wata yana ninka bashi cikin shekara uku: dala 5,000 ta zama kimanin 10,200, ko ba a sa tara a lissafi ba.

Ta uku tana ɓoye ne a cikin yadda ake raba biyan. Kati guda yana iya ɗauke da bashi iri biyu ko uku, kowanne da ruwansa. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi ta fi sayayya tsadar ruwa, ba ta da kwanakin rangwame, akwai kuma kuɗin cira a kanta. Wannan ya shafi ’yan ci-rani kai tsaye, domin bankuna da dama suna lissafa aika kuɗi gida da katin bashi a matsayin cirar tsaba. A dokar Amurka, abin da ka biya sama da mafi ƙaranci dole a fara zuba shi a bashin da ya fi tsadar ruwa, amma shi mafi ƙarancin banki yana iya zuba shi a mai araha. Don haka mai biyan mafi ƙaranci kaɗai yana iya shekara yana rage ɓangaren mai sauƙi, mai tsadar yana zaune yana tara ruwa.

Wannan ƙaramar lamba tana da tarihinta. A shekarun 1970 abin da aka saba nema kusan kashi 5 cikin ɗari ne na bashin. Sannu a hankali bankunan Amurka suka sauke shi zuwa kashi 2. A fuska sauƙi ne aka yi wa mai kati, kuma ya ba shi damar ɗaukar bashi mai girma da biya iri ɗaya. Amma duba abin da kashi 2 yake nufi. In ruwan kati kashi 18 ne a shekara, wato ɗaya da rabi a wata, rabin kashi ɗaya ne kawai yake taɓa uwar kuɗi, sai an shekara goma sha ɗaya da rabi kafin bashi ya koma rabi. In ruwan kashi 24 ne, duk biyan ruwa ne, bashin ba ya motsi. In kuma tara ta hau, biyan bai ma isa ya rufe ruwa da tarar ba, sai mutum ya biya abin da aka nema ya wayi gari ana bin sa fiye da jiya. Wannan ne ya sa hukumomin da ke sa ido kan bankuna a Amurka suka fitar da umarni a 2003 cewa mafi ƙarancin biya ya zama yana rage bashi cikin lokaci mai ma’ana. Daga nan tsarin ruwa da tara da kashi ɗaya ya yaɗu. Birtaniya ta wajabta irinsa a kan sababbin katuna daga 2011. An toshe mafi munin ramin, amma kashi ɗayan da ya maye gurbinsa shi ne wanda muka ga yana cin shekara goma sha tara.

A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar katin bashi, wadda ta tilasta wa bankuna su buga wani ɗan akwati a takardar kowane wata. A ciki ake rubuta shekarun da za a ɗauka da jimillar da za a biya in aka tsaya a mafi ƙaranci, da kuma abin da za a riƙa biya in ana so a gama cikin wata 36. Ba ni da shakka cewa wannan akwati ya fi komai amfani a takardar. Sai dai mai biya ta manhajar waya yana iya daɗewa bai buɗe takardar ba, abin da yake gani maɓalli ne da ƙaramar lambar a kai.

Lambar kuma tana aiki a zuciya, ba a lissafi kawai ba. Neil Stewart, masanin halayyar ɗan Adam da yake Jami’ar Warwick a lokacin, ya wallafa wani bincike a 2009. Ya nuna wa mutane takardar kati ta gwaji, wasu da lambar mafi ƙaranci a jiki, wasu babu, ya tambaye su nawa za su biya. Masu niyyar biyan duka ba su canja ba. Amma a cikin masu biyan wani ɓangare, waɗanda suka ga lambar sun zaɓi biyan ƙasa da na waɗanda ba su gan ta ba. Ganin ƙaramin adadi yana jan hankali ƙasa, har ga wanda yake da halin biyan fiye. Mutum yakan ɗauke ta kamar shawara ce daga masu ilimin kuɗi, alhali iyaka ce kawai da in ka faɗa ƙasanta za a ci ka tara.

Ba ina cewa mafi ƙarancin biya ba shi da rana ba. Watan da aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta shigo, biyan sa ya fi rashin biya nesa ba kusa ba, yana kare mutum daga tara da ruwan hukunci da ɓacin suna. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kowa ne ya shiga wannan hali don almubazzaranci ba. Abin da ke cutarwa shi ne a mai da maganin wata guda abincin kullum, musamman in an sa banki ya riƙa cirar mafi ƙarancin da kansa daga asusu, domin daga ranar mutum ya daina ganin lissafin sam. Ga Musulmi kuma akwai nauyi na biyu, tunda ƙarin nan riba ce. Malamai sun yi saɓani a kan riƙe katin ga wanda yake biyan duka kafin ruwa ya hau, amma tsallakar da bashi wata bayan wata shi ne ainihin inda ribar take.

Yaya mutum zai gane ya faɗa? Birtaniya ta samar da ma’auni mai sauƙi. Tun 2018 hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta ce duk wanda, a cikin wata 18, abin da ya biya na ruwa da tara ya fi abin da ya rage daga uwar kuɗi, ya shiga bashi mai naci. Dole banki ya tuntuɓe shi, ya sake tunatar da shi a wata na 27, in kuma aka kai wata 36 ba canji, ya gabatar masa da hanyar gamawa cikin lokaci mai ma’ana, galibi shekara uku zuwa huɗu, har ana iya dakatar da katin. Direbanmu na Shikago, mai biyan dala biyu ruwa a kan kowace dala ɗaya ta ragi, da ya faɗa wannan ma’auni tun zagayen farko, ko da yake a littafin bankinsa ba shi da aibu ko ɗaya.

Kowa yana iya yi wa kansa wannan awo ba sai hukuma ta aiko ba. A ɗauko takardar wannan wata da ta watan da ya yi daidai da shi bara. A haɗa duk abin da aka biya a tsakani, sannan a duba nawa bashin ya sauka. In an biya dala 1,700 bashi ya ragu da 570 kawai, ana kan hanyar shekara goma sha tara. In bai ragu ba sam, sabuwar sayayya tana cinye ragin, kuma ba abin da zai motsa sai an ajiye katin. Daga nan sai a canja umarnin da aka ba banki, daga cirar mafi ƙaranci zuwa cirar tsayayyen adadi wanda bai gaza mafi ƙarancin wannan watan ba. Mai kati fiye da ɗaya kuma ya biya mafi ƙaranci a kan kowanne don gudun tara, duk abin da ya saura a hannunsa ya zuba a kan wanda ya fi tsadar ruwa, in ya kashe shi ya kwashe adadin gaba ɗaya ya koma kan na biye.